Asabar: fitila biyu da lissafin da ya ƙi cika

Yau kusan wuni na yi a kan teburi saboda aikin makarantar ɗan yayata, an ce su kawo fitila biyu masu ƙyaftawa bi da bi, wannan ta kama waccan ta mutu. Da safe na leƙa Sabon Gari na sayo tiransista BC547 guda biyu, jajayen LED biyu, kafasita 10µF biyu da batir mai bolt 9, resista kuwa ina da su a gwangwani. Astebul maltibaibireta kenan, babu IC ko ɗaya a ciki, shi yasa nake sonsa, komai kana iya binsa da mita.

Haɗin ba wuya. Kowace tiransista tana da ƙafa uku, kalekta, bes da emita, emita biyun su tafi negetib na batir. Kowace kalekta ta bi ta resista 1k da LED zuwa fositib, kowane bes ya samu babbar resista zuwa fositib, sai kafasitocin su gitta, daga kalektar wannan zuwa bes ɗin waccan, ƙafar + tana ɓangaren kalekta. Yaron ya ce kawu ai 1k ɗin nan za mu sa a lissafi ko, na ce a'a, ita aikinta rage wa fitila wuta, lokaci kuwa yana hannun resistar bes da kafasita.

Muna son zagaye ɗaya a daƙiƙa ɗaya, to kowane rabi `t = 0.693 × R × C` ne, in ɓangarorin iri ɗaya ne gaba ɗaya `T = 1.386 × R × C`. Da 10µF lissafi ya ba mu wajen 72k, mafi kusa a gwangwanina 68k. R sau C ya zama 0.68, T ya fito 0.94, wato fitila ɗaya ta kama sau 64 a minti.

Muka jona batir ta fara ƙyaftawa, ya riƙe agogon waya ni ina ƙirga. 69. Muka sake, 69 dai. Da farko na ce kafasita ce, don irin waɗannan masu ƙafar + da - suna iya kaucewa da kashi 20 cikin ɗari, amma na canza wasu biyu abin bai wani motsa ba, nan na san akwai dalili a cikin haɗin kansa.

Bayan la'asar sai na cire 10µF na sa 100µF don komai ya yi sanyi sau goma mita ta iya bi, na ɗora ta a bes ɗin tiransista ɗaya. Wallahi abin sha'awa, da zarar ɗayar ta kunna sai ka ga bes ya faɗa ƙasa da sifili, sannan ya riƙa hawowa a hankali ta cikin 68k, yana isa wajen 0.7 sai tiransistar ta kunna juyi ya koma kan 'yar uwarta. To daga nan 0.693 ɗin ya fito. Littafi yana ɗauka bes ya faɗi har -9 yana neman +9, tafiyar bolt 18 kenan, ana tare shi a tsakiya wajen sifili, lokacin cin rabin hanya kuwa shi ne `ln 2` sau RC. Shi yasa ma ƙarfin batir bai shiga lissafin ba.

Amma nawa bai kai -9 ba, wajen -6.7 yake tsayawa. Na matsar da mita kan kalekta lokacin da fitilar take a mace sai na ga 7.5 maimakon 9, ashe LED tana cinye kusan bolt ɗaya da rabi ko da wutar da ke bi ta cikinta 'yar kaɗan ce, saboda haka kafasita ba ta cika yadda littafi yake zato. Na sake lissafi da abin da na gani, daga -6.7 zuwa 9 tazarar 15.7 ce, daga 0.7 zuwa 9 kuma 8.3, `ln(15.7/8.3)` ya ba ni kusan 0.64. Biyu sau 0.64 sau 0.68 ya zama 0.87, a minti 69 cif. Na ji daɗi sosai, na kira yaron na sa ya danna da kansa a kalkuleta.

Wannan -6.7 ɗin ya ɗan tsaya min a rai, don takardar BC547 ta ce bes da emita kada su wuce bolt 6 a juye. A batir 9 tana aiki, amma na gargaɗe shi kada ya je ya jona wa batirin mashin mai 12, sai an sa dayod ta kare bes, in ba haka ba lokacin zai gajarce tiransistar kuma ta riƙa rauni.

Kafin magariba muka mayar da 10µF, muka canza 68k zuwa 82k. Sabon lissafi ya ce 1.05, muka ƙirga 57 a minti, ya ce hakan ya yi masa. Gobe in Allah ya kai mu zan yi masa soda a kan bod, na ce ya rubuta lissafin biyu duka a takardarsa, na littafi da wanda muka auna.