Marfin kwalba biyu da rasit goma sha ɗaya

Ƙaramin kamfani gare mu a Jos, muna rubuta manhajar lissafi da rasit ga masu kantin magani da dillalan kayan masarufi, yawancinsu a kewayen Taminus da Farin Gada. Aikin ba na burgewa ba ne. Mai kanti yana son ya buga lambar rasit, injin ya fito masa da cinikin nan take, ko akwai intanet ko babu, domin mai saye yana tsaye a gabansa da kayan da yake son mayarwa. Ana ba da lambobin rasit bi da bi, daga ƙarama zuwa babba, don haka jerin yana zuwa a tsare tun asali. Jerin da yake a tsare kuwa ba a bin sa ɗaya bayan ɗaya. Raba shi biyu ake yi, a yar da rabi, a sake raba abin da ya rage.

A aikin da muke miƙa wa kwastoma, ba mu cika rubuta wannan bincike da kanmu ba. Python yana da `bisect`, rumbun bayanai ma yana da tasa dabarar. Amma duk ɗalibin da ya zo koyon aiki wurinmu, kafin in bar shi ya taɓa manhajar wani, sai ya yi min binciken nan a kan tebur. Dalilina shi ne layuka goma sha ɗaya ne kacal, ga su da saukin haddacewa, kuma haddar ba ta nuna komai. Abin da nake son ji shi ne hujjar kowane motsi.

Ina yanka kwali goma sha ɗaya, in rubuta lambar rasit a kowane, in jera su, sannan in kife su. A bayan kowane kati akwai lambar gurbinsa, daga 0 zuwa 10, yadda kwamfuta take ƙirga.

```
gurbi:  0    1    2    3    4    5    6    7    8    9    10
rasit: 1004 1011 1019 1026 1032 1040 1047 1055 1063 1071 1088
```

Kifewar ita ce sirrin. In katunan suna buɗe, ido zai yi satar amsa, ɗalibi ya ɗauka ya gane. Kwamfuta kati ɗaya take gani a lokaci guda, to shi ma haka. Sai in ba shi marfin kwalba biyu, ɗaya a kan gurbi 0, shi ne `hagu`, ɗaya a kan gurbi 10, shi ne `dama`. Ƙa'ida ɗaya ce: in har rasit ɗin da ake nema yana cikin jerin, to yana tsakanin marafan nan, har da katunan da suke zaune a kai. Ba a gusar da marfi sai an faɗi da baki dalilin da ya sa maganar nan take nan daram bayan gusarwar.

A ce 1055 muke nema. Tsakiya ita ce 0 da 10 a haɗa a raba biyu, wato 5. Aka buɗe, 1040. Bai kai 1055 ba. Tunda jerin a tsare yake, duk katin da ke hagun 1040 bai ma kai 1040 ba, balle 1055, saboda haka gurbi 0 zuwa 4 sun fita ba tare da an buɗe ko ɗaya ba. Shi kansa gurbi 5 ya fita, domin mun gan shi da idonmu, ba shi ba ne. Nan ne hannun yawancin ɗalibai yake ajiye marfin a kan 5. Wata ɗaliba daga Jami'ar Jos ta taɓa ce min, "Oga, ai 5 da 6 duk ɗaya ne, kati ɗaya ne bambancin." Na ce mata ta riƙe maganar tukuna. Marfin `hagu` ya koma 6.

Yanzu 6 da 10, tsakiya 8. Aka buɗe, 1063, ya zarce. Hujjar ita ce ta ɗazu a juye: 9 da 10 sun fi 1063, sun yi nisa ke nan, 8 kuma an gan shi. `dama` ya dawo 7. Da kallo biyu, kati goma sha ɗaya sun koma biyu.

Daga nan aikin yake tsananta. 6 da 7 sun ba da 13, rabinsa shida da rabi, babu kuma gurbi mai rabi. Alamar `//` tana zubar da ragowar, tsakiya ta zama 6, wato daidai katin da `hagu` yake kai. Aka buɗe, 1047, bai kai ba. In dokarka ita ce ka ajiye marfi a kan katin da ka buɗe, to `hagu` zai tashi daga 6 ya sauka a 6. Ka sake lissafi, 6 da 7, tsakiya 6, ka sake buɗe 1047, haka har Mahadi ya bayyana. Amsar maganar ɗalibar nan ke nan. Ƙarin ɗaya da ake yi shi ne yake tabbatar da cewa kowane zagaye yana cin aƙalla kati ɗaya, abin da kullum yake raguwa kuwa dole ya ƙare.

`hagu` ya hau 7, ya tarar da `dama` a wurin. Marafai biyu a kan kati ɗaya. Da yawa suna ɗaga hannu a nan su ce babu, wai marafan sun haɗu. Sai in tambaya, wa ya buɗe katin? Ba wanda ya buɗe. Ƙa'idar ta ce katin da marfi yake kai yana cikin waɗanda ake zato, to saura ɗaya, a duba shi. Aka buɗe, 1055. Kallo huɗu.

Sai bayan an yi wannan da hannu nake yarda a zauna gaban kwamfuta.

```python
def binary_search(jeri, nema):
    hagu, dama = 0, len(jeri) - 1
    while hagu <= dama:
        tsakiya = (hagu + dama) // 2
        if jeri[tsakiya] == nema:
            return tsakiya
        if jeri[tsakiya] < nema:
            hagu = tsakiya + 1
        else:
            dama = tsakiya - 1
    return -1
```

Abin da ya sa nake tsananta wa yara a kan `+ 1` da `<=` shi ne kuskurensu ba ya fitowa a gwajin farko. Cire `+ 1` ɗin ka nemi 1055. Marafan za su koma 5 da 10, tsakiya ta faɗa kan 7, a samu amsa da kallo biyu, har ka ce ai gyara ka yi. Nemi 1088, katin ƙarshe. `hagu` zai tafi 5, 7, 8, 9, ya maƙale a 9, domin 9 da 10 kullum 9 suke bayarwa. Katin ƙarshe kuwa a kanti shi ne rasit ɗin da aka buga yanzu-yanzu, wanda mai shi bai ko fita ƙofa ba. Alamar wannan cuta ita ce manhaja ta daskare, babu saƙon kuskure, fankar kwamfuta tana ta huci.

Na `<=` ya fi wannan iya ɓuya. Mayar da shi `<` ka gwada duk katunan. Bakwai za su fito lafiya lau. Huɗu, wato 1011, 1032, 1055 da 1088, za a ce babu su, domin su ne waɗanda ba a kai gare su sai marafai sun haɗu. Manhajar ba ta daskare ba, ba ta yi ƙorafi ba, ta dai yi ƙarya da fuska a sake. Mai kanti ya ce wa mutum rasit ɗinsa na bogi ne, alhali ga shi a cikin injin. A ganina wannan ya fi daskarewa muni nesa ba kusa ba, don mai daskarewa a ranar za a kira mu.

Sannan akwai neman abin da babu shi, wanda shi ne rabin aikin. A ce an kawo rasit mai lamba 1050. Matakai uku na farko duk irin na ɗazu ne, har marafan su haɗu a kan 7. Aka buɗe, 1055, ya zarce, `dama` ya koma 6 alhali `hagu` yana 7. Sun gitta juna, babu sauran kati a tsakaninsu, sai yanzu ne muke da ikon cewa babu. Dubi kuma inda suka tsaya. `dama` yana kan 1047, na ƙarshe a cikin waɗanda ba su kai ba, `hagu` yana kan 1055, na farko a cikin waɗanda suka zarce. Ba dace ba ne. Duk abin da `hagu` ya bari a baya mun tabbatar ƙarami ne, duk abin da `dama` ya bari mun tabbatar babba ne. Don haka gurbi 7 shi ne inda za a cusa 1050 jerin ya zauna a tsare, amsar da `bisect_left` yake bayarwa ke nan. Da wannan muke samo cinikin farko na wata rana a jerin da aka tsara bisa lokaci, ko da ba a sayar da komai da ƙarfe takwas daidai ba.

A kati goma sha ɗaya ribar ba ta da yawa. Amma ɗaya in aka yi ta ninka ta biyu har sau 20 tana ba da 1,048,576, ma'ana rasit miliyan ɗaya ba zai ci fiye da kallo 20 ba. Masu rubutu da Java ko C suna da ƙarin tarko a lissafin tsakiya, domin `int` na Java ba ya wuce 2,147,483,647, jimlar marafan biyu tana iya zarce haka a jeri mai girman gaske. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa wannan kuskure ya yi shekaru a cikin binciken da Java kanta take zuwa da shi. Maganinsa `hagu + (dama - hagu) / 2`. A Python babu wannan damuwa, kantunanmu ma ba su kusanci wurin ba.

Wanda yake cizonmu a zahiri shi ne tsarin jerin. Kowace hujja da na kawo a sama ta jingina ne da cewa na hagu bai kai na dama ba, kuma binciken ba ya duba hakan, yarda kawai yake yi. Sau da yawa bayanan kanti suna zuwa mana daga fayil ɗin CSV, inda lambobi suke shigowa a matsayin rubutu. Kwamfuta tana gwada rubutu harafi da harafi, saboda haka a wurinta `"1004"` bai kai `"987"` ba, tunda 1 bai kai 9 ba. Ɗauki 987, 995, 1004, 1011, 1019 a haka ka nemi 987. Tsakiya 1004 ce, za a ce ƙarama ce, `hagu` ya yi gaba, ya bar 987 a gurbi 0 ya tafi nemanta inda ba ta. A ido jerin tsaf yake, shi ya sa mutum zai wuni yana zargin marafan da ba su da laifi.

Ana gane wannan da lokacin da matsalar ta fara. In mai kanti ya ce komai lafiya yake sai da rasit ya haura daga 999 zuwa 1000, ba sai na buɗe layukan binciken ba. Ina sa a gudanar da `jeri == sorted(jeri)` a kan bayanan yadda suke a ajiye. In ya ba da `False`, to tsarin da ido yake gani daban ne da wanda injin yake gwadawa da shi, sai a bi kowace lamba da `int()` tun a wurin karanta fayil ɗin, kafin ta shiga jerin.