Abin da ambaliyar Durban ta koya mini game da sanar da mai kaya

Cikin azumin 2022, a ranakun 11 da 12 ga Afrilu, ruwa kamar da bakin ƙwarya ya sauka a lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu. Mutane fiye da 400 suka rasu, tashar jiragen ruwa ta Durban ta tsaya cak, titin Bayhead da manyan motoci ke bi su shiga tashar ya zaftare. A lokacin ina aiki a wani kamfani a Kano da ke shigo wa masana'antun Sharaɗa da Challawa ƙwayar roba, wadda ake narkawa a yi buhu da bokiti. Kwantena huɗu muke jira daga can, kowace da buhu 990 masu kilo 25.

Saƙon farko da na tura layi biyu ne, kuma iri ɗaya ga kowa: an yi ambaliya a Durban, kaya za su makara, ikon Allah ne, a yi haƙuri. Ba a jima ba wani Alhaji mai masaƙar buhu ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, ba na ja da ikon Allah. Amma robar da ke sitona ta kwana goma sha biyu ce, ga albashin ma'aikata da Sallah a gabana. Kayana suna ina?" Ba ni da amsa, don ban bincika ba.

Daren nan bayan asham na zauna da lambobin kwantenonin ina bi ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ta riga ta hau jirgi kafin ruwan, ke nan na tayar wa mai ita hankali a banza. Biyu suna cikin tashar suna jiran lodi. Ta huɗun tana wani sito a waje, kuma tun makon da ya gabata ya kamata ta tafi, takardunmu ne suka makara jirgi ya bar ta. Wannan ta fi damuna. A yarjejeniyarmu akwai sharaɗin abin da ya fi ƙarfin mutum, irin su ambaliya, gobara da yaƙi, amma ba ya rufe jinkirin da ya riga musibar faruwa. Dole na gaya wa mai kayan gaskiya, kamfani ya ɗauki asarar makon nan.

Ko ga kwantena biyun da ruwan ya tsare da gaske, sharaɗin bai soke alkawari ba. Dakatar da shi ya yi har hanya ta buɗe, kuma ya ɗora mana nauyi: mu sanar a rubuce cikin kwana bakwai, mu kawo shaida, mu nuna mun yi ƙoƙarin rage ɓarna. Kiran waya ba ya zama hujja ranar da aka samu saɓani.

Wasiƙa ta biyu da na rubuta wa Alhaji, wanda tasa ke cikin biyun nan, ta fara da lambar kwantenarsa da inda take, na haɗa da sanarwar kamfanin jirgin. Ban yanke masa takamaimiyar ranar isowa ba. Na ce ƙiyasinmu jinkirin mako uku zuwa biyar ne, kuma duk Litinin da Alhamis zai ji daga gare ni ko babu sabon labari. Sai na jera masa zaɓi, kowane da kuɗinsa. Zai iya jira a kan tsohon farashi, sai dai bankinsa ya tsawaita ranar ƙarshe ta lodi a takardar lamunin da bankin ya bayar ta biyan kuɗin kayan, in ba haka ba takardar ta mutu. Za mu iya nemo masa tan goma daga dillalan Legas ya riƙe injuna, shi ya biya bambancin farashi. In kuma jinkirin ya haura kwana 60, yana da ikon fasa cinikin a mayar masa da kafin alƙalaminsa.

Ya tambaye ni ko inshora za ta biya shi kwanakin da masaƙa ta tsaya. Na ce a'a, kuma gara ya ji tun yanzu. Inshorar kayan jirgi ta ajin A tana biyan kayan da ruwa ya jiƙa, ta ajin C ba ta biya, amma babu wadda ke biyan asarar da jinkiri kaɗai ya jawo. Na ƙara masa da cewa in kwantenar ta iso, a duba zanen laka a jikin bangonta da damshin buhunan ƙasa, a ɗau hoto, a kira mai binciken inshora kafin a sauke, domin roba mai laima tana fitar da zare mai kumfa da ke tsinkewa.

Ya zaɓi tan goman Legas, sauran ya jira. Kwantenar ta iso Kano a farkon Yuni, muka buɗe ta tare a harabar masaƙar, ya durƙusa ya cusa hannu ƙarƙashin buhun farko ya ji a bushe yake, sannan ya ce wa yara su fara saukewa.