Kibiyar da Ke Bin Akwatinta: Yadda Muke Zana Tafiyar Aiki

Sana'armu zane ce, amma ba ta fenti da buroshi ba. Kamfani ko makaranta ko ƙungiya za su zo mana da bayanin yadda aiki ke tafiya a wurinsu, takarda ta tashi daga wannan tebur ta faɗa wancan, mu kuma mu mayar da shi taswira ta akwatuna da kibau. Wani lokacin jadawalin lokaci ake so, a ga abin da za a yi wata bayan wata a kan layi guda. Duk mai kwamfuta zai iya jera akwatuna. Inda ake gane ma'aikaci shi ne ranar da mai kaya ya dawo ya ce a ƙara mataki ɗaya a tsakiya.

Wani aiki da muka yi na tsarin sayen kaya a wani kamfani ya isa misali. Ma'aikaci ya cike takardar buƙata, shugaban sashe ya sa hannu, sai a zo kan tambaya: kuɗin ya wuce iyakar da aka sa? In ya wuce, takarda ta hau wurin darakta, in bai wuce ba ta zarce sashen kuɗi. Farko da ƙarshe mun sa su a siffar `Terminator`, matakan aiki a `Process`, tambayar kuma a `Decision`, wato siffar nan mai tsini huɗu. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba, siffofi ne da ƙa'idar ISO 5807 ta shekarar 1985 ta tanada, shi ya sa duk wanda ya saba da irin wannan zane yana gani zai karanta.

A PowerPoint muka yi shi, don da shi mai kayan ke aiki. Ana shiga `Insert`, a danna `Shapes`, a ɗauko kibiya daga rukunin `Lines`. Da ka kai linzami kan akwati, sai ƙananan ɗigogi su fito a gefunansa. Akwati mai kusurwa huɗu ɗigo huɗu gare shi, ɗaya a tsakiyar kowane gefe. A kan ɗigon za ka fara ja, kuma a kan ɗigon akwati na gaba za ka saki. Ba kusa da shi ba, a kansa. In ka danna kibiyar ka ga bakinta ya yi kore, ta kama. In fari ne, jingina kawai ta yi, ko da a ido tana taɓa akwatin.

Maigidan da na koyi aiki a hannunsa ba ya duba kyawun zane tukuna. Yana zuwa sai ya karɓi linzami ya kama akwatin tsakiya ya wurga shi can ƙuryar allo. In kibau suka bi shi, ya danna `Ctrl+Z` ya ce, "To, madalla." In ɗaya ta tsaya tana nuna sarari, sai ya ce, "Kai yaro, wannan ina za ta?" ya tafi abinsa. A zamaninsa ja ne alamar kamawa a tsofaffin PowerPoint, ba kore ba, amma gwajin bai canja ba. Har yau babu fayil ɗin da ke fita daga hannunmu sai an jijjiga kowane akwati haka.

Bayan mun miƙa aikin, kamfanin ya dawo cewa kafin kuɗi ya fita sai mai kula da sito ya tabbatar babu kayan a ajiye. Muka zaɓi akwatunan da ke bayan sa hannun shugaban sashe gaba ɗaya, muka tura su dama, kibau suka miƙe da kansu. Kibiya ɗaya tak muka cire bakinta muka maƙala wa sabon akwati, muka ja wata daga shi zuwa tambayar. Sai `Align Middle` don su hau layi ɗaya. Wannan na ƙarshen ba ado ba ne: in ka ga kibiya ta ɗan karkace ko ta yi ƙaramar gwiwa a tsakiya, ba laifinta ba ne, tsakiyar akwatunan biyu ce ba ta daidaita ba.

Akwai kuma hanyar da ke komawa baya, in darakta ya ƙi amincewa takarda ta koma wa mai ita. Nan kibiya mai gwiwa muke sa wa, `Connector: Elbow Arrow`, ta fita ta ƙasan akwatin darakta ta shiga ta ƙasan na farko. Tana da ɗigo ruwan ɗorawa a jikinta, da shi ake jan lanƙwasar ta kauce wa sauran akwatuna. `Reroute Connectors` kuwa, wato umarnin da ke sake wa kibiya hanya da kansa, a yi hattara da shi, hanya mafi kusa yake nema, ba ruwansa da ko ta ratsa ta kan rubutu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu karya farashi. Mai kaya zai ce wani ya yi masa a rabin kuɗin, kuma wallahi a takarda zanen nasu kyakkyawa ne. Buɗe fayil ɗin ka taɓa akwati ɗaya, sai ka tarar duk kibau a ajiye suke kawai, babu mai kore ko ɗaya. Wasu ma hoton zanen suke liƙawa a shafi, ko harafi ba ya gyaruwa. Masu yi a Word sun fi ba ni tausayi, don can kibiya ba ta kama siffa sai an fara buɗe `New Drawing Canvas` an yi zanen a cikinsa, su kuwa a kan shafin kai tsaye suke yi. Irin wannan in ya dawo mana gyara, sake shi muke yi daga tushe. Araha dai ba ta ado.

Jadawalin lokaci da nasa sirrin. Dogon layin nan ba shi da ɗigogin kamawa a tsawonsa, don haka ƙananan da'irori muke ɗorawa a kai, mu haɗa kowace da akwatin bayaninta. Tazara kuma lissafi ce, ba ƙiyasin ido ba. Faɗin shafin PowerPoint na yanzu santimita 33.87 ne. Mukan ja layi na santimita 30 daga santimita 2 na gefen hagu, wata 12 ya zama kowane wata ya sami 2.5. Farkon Afrilu wata 3 ne suka shige, 7.5 ke nan, a haɗa da 2 ya zama 9.5. Da yake `Horizontal position` gefen hagu na siffa yake aunawa, da'ira mai faɗin 0.4 sai a rubuta mata 9.3. In aka ɗage abin zuwa farkon Yuni, lambar ta koma 14.3.

Sai dai ina gaya wa masu kaya iyakar abin tun da wuri. Kibiya miƙewa take yi, ba ta jan akwatin ɗaya ɓangaren, don haka da da'irar da bayaninta tare ake matsar da su. In ka goge akwati ka zana sabo, kamun ya tafi. In siffa kake son canjawa, bi ta `Edit Shape` zuwa `Change Shape`. Kalmomin "I" da "A'a" da ke gefen tambaya ma ba sa bin kibiya a PowerPoint, da hannu ake mayar da su. Zanen da ya yi rassa da yawa mukan kai shi manhajar zanen taswira irin su Visio ko draw.io, inda rubutun ke zaune a jikin kibiyar, kuma za ka zaɓa ko ta kama ɗigo guda ko ta kama siffar dungurungum ta riƙa zagaya gefenta. Amma kafin nan sai mun tambayi mai kaya da me zai buɗe fayil ɗin a ofishinsa.