Katan goma da ba su iso ba, amma suna cikin lissafi

Shekarata ta farko a shagon kawuna, aikina shi ne karɓar kaya da kula da sito. Sabulun wanki da omo muke sarowa daga wajen wani dila a Kano, mota ta kawo mana har ƙofar shago. Wata Alhamis motar ta iso daf da magariba, ga hadari ya haɗu, 'yan dako suna ta sauri kada ruwa ya jiƙa kwalaye. Direban dattijo ne da ya kusa haihuwata, kuma shekara da shekaru shi ke kawo wa kawu kaya. Ya miƙo mini takardar kai kaya, wadda su ke kira webil, ya ce, "Ɗana, sa hannu mu kama hanya, dare na yi." An rubuta katan 200. Na sa hannu ban ƙirga ba, domin na ji kunyar in tsayar da sa'an mahaifina in ce sai na ƙirga, kamar ina zarginsa.

Ranar Asabar da na jera kayan, katan 186 na samu. Na sake ƙirgawa sau uku, 186 ne. Inbois ɗin dila kuma, wato takardar kuɗin kayan, ya ce 200. Da kawu ya buga wa Alhajin, wato dilan, waya, amsa ɗaya ya ba shi, kuma ba da faɗa ba: "Ga sa hannun yaronka a gabana, ya karɓi 200." Gaskiyarsa ce. Kwana biyu kayan suna sitonmu, mu ke riƙe da makulli. Wa zai ce a mota suka ɓace, ko a wajen lodi, ko a hannunmu? Don tsohuwar hulɗa Alhajin ya yarda aka raba asarar biyu, kawu ya biya kuɗin katan bakwai da bai taɓa gani ba. Bai zage ni ba, kuma shirun nan nasa ya fi mini zagi ciwo.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne takardun nan biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Inbois yana faɗin kuɗin da ake bin ka. Webil tana faɗin abin da ya shigo hannunka. Sau da yawa akawu yana rubuta inbois ne daga odar da ka bayar, tun kafin a yi lodi. Idan aka je sito aka tarar kaya ba su kai ba, ko mota ta cika aka bar saura, ko aka sauke wa wani mai shago naka bisa kuskure a hanya, takardar kuɗin ba ta san an yi ba. Don haka duk ƙarfin da za ka samu na cewa a gyara inbois yana fitowa ne daga abin da ka rubuta a webil, a bakin mota, direba yana tsaye. Yanzu ina sa 'yan dako su jera katan goma goma a ƙasa kafin a shigar da ko ɗaya ciki, in ƙirga layuka, direba ma ya ƙirga. Idan akwai giɓi, in rubuta da biro a kan kwafina da nasa: "An karɓi katan kaza, saura kaza ba su iso ba," in sa kwanan wata, mu sa hannu tare, in ɗauki hoto. Wannan ba ya cin minti goma sha biyar. Direba mai gaskiya ba ya ƙi, domin shi ma rubutun yana wanke shi.

Kuskurena na biyu ya fi na farko koya mini abu, don a lokacin ina ganin na riga na ƙware. Na buɗe nawa shagon, ina karɓar kaya bashi daga wani dila, in biya bayan mako biyu. Aka kawo mini katan 110, inbois ya ce 120, kowane katan naira 9,000. Na ƙirga, na rubuta a webil, direba ya sa hannu. Har nan na yi daidai. Sai na buga wa yaron da ke kula da odata waya, ya ce, "Ba matsala, maigida, ka cire kuɗin goman ka turo saura." Na cire naira 90,000 na tura sauran, na manta da maganar.

Bayan wata uku na nemi kaya, aka ce ba za a yi mini lodi ba sai na biya tsohon bashi. Wane bashi? Naira 90,000. Yaron da muka yi magana da shi ya bar aikin, kuma bai gaya wa akanta komai ba. A littafinsu inbois yana nan yadda yake, katan 120, kuɗin da na tura bai cike shi ba, saboda haka ni mai bashi ne da ya ƙi biya. Na ceci kaina da hoton webil ɗin nan, amma sai da na yi mako guda shagona babu sabulu, ina sintiri. Kuma wajen warware lissafin ne akantan ya nuna mini cewa ni ma na cuci kaina. Akwai harajin VAT a kan kayan, kashi 7.5 cikin ɗari, kamar yadda yake a Najeriya tun watan Fabrairun 2020. Katan 120 kuɗinsu naira 1,080,000 ne, harajinsu 81,000, jimla 1,161,000. Katan 110 kuwa 990,000 ne, harajinsu 74,250, jimla 1,064,250. Bambancin ke nan naira 96,750, ba 90,000 ba. Na biya harajin naira 6,750 a kan kayan da ba su taɓa shiga shagona ba, kuma da ba don rigimar ta taso ba da har yau ban sani ba.

Tun daga ranar na daina yarda da "cire ka turo saura". Cire kuɗi da kanka yana gyara aljihunka ne kawai, littafin mai kaya yana nan da tsohon adadi. Abin da za ka nema takarda ce daga wajensu, kuma iri biyu ce. Ko su soke inbois ɗin su fitar da sabo mai adadin da ya iso, ko su bar shi su ba ka takardar rage kuɗi, wadda ke ɗauke da lambar tsohon inbois tana cewa an rage katan kaza da harajinsu. Manyan kamfanoni sun fi yin ta biyun, domin inbois da ya riga ya shiga kwamfutarsu ba sa son goge shi. Duk wadda suka zaɓa ta yi. Abin da ba zai yi ba shi ne wani ya ja layi da biro a kan 120 ya rubuta 110 a kwafinka kaɗai. Idan ƙaramin dila ne mai rubuta rasit da hannu, a gyara kwafinka da na cikin littafinsa lokaci guda, ya sa hannu da hatimi a gefen gyaran.

Kafin ka ɗaga waya, ka fara tuhumar kanka. Na taɓa kusa yin abin kunya a kan wasu kaya da nake ƙirgawa da katan alhali an rubuta su da dozin. Ka duba ko an ce za a kawo kayan a sahu biyu, ko yaronka ya sayar da wasu kafin ka ƙirga, ko akwai waɗanda aka ajiye gefe don sun jiƙe. Kwali da ya fashe ya iso, maganarsa daban ce da wanda bai zo ba, kada ka cakuɗa su a ƙorafi ɗaya.

In ka tabbata, ka rubuta a ranar, ko da a WhatsApp ne, kuma ka tura wa wanda ke riƙe da lissafi, ba wanda ya karɓi oda kaɗai ba. Ga irin abin da nake rubutawa:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da kasuwa. Kayan da aka turo yau sun iso, mun gode. Inbois mai lamba 0452 ya nuna katan 120 na sabulu a kan naira 9,000, amma da muka ƙirga tare da direba katan 110 ne, kuma mun rubuta hakan a webil, ga hotonta. Bambancin katan 10 ne, wato naira 96,750 har da haraji. Don Allah a turo mini gyararren inbois na naira 1,064,250, ko takardar rage kuɗin. Da zarar ta zo zan biya a ranar da muka saba, in sha Allah."

Ku lura babu kalmar cuta ko sata a ciki, babu "yaranka sun yi mini wayo". Ina ƙarami na ga wani maƙwabcin shagonmu ya faɗa wa dilansa haka cikin fushi, daga baya aka gano kayansa suna nan a sito an manta ba a loda ba. An kawo masa, amma bashi ya ƙare tsakaninsu daga ranar. Magana zarar bunu ce. Ba ka san inda giɓin ya faru ba, kuma ba aikinka ba ne ka gano. Kai dai ka san abin da ka ƙirga, shi za ka faɗa. Ambaton cewa za ka biya a kan lokaci shi ma da gangan ne, don kada a ɗauka kana neman hanyar jan bashi. In ranar biya ta zo gyaran bai iso ba, ina tura kuɗin kayan da na karɓa har da harajinsu, in rubuta a saƙo cewa na katan 110 ne na inbois kaza, ina jiran takardar saura. Ba na riƙe kuɗin mutane gaba ɗaya saboda katan goma.

Wani lokaci za a ce maka, "Bar inbois ɗin yadda yake, za mu ciko maka a mota ta gaba." Idan kana buƙatar kayan kuma motar jibi za ta zo, ba laifi, amma a rubuta maka adadin da ranar, kuma cikon ya zo da tasa webil mai ambaton tsohon inbois. In ba haka ba, katan goman za su shige cikin sabuwar oda a sake caje ka kuɗinsu, ka biya sau biyu ba tare da kowa ya yi niyyar cutarka ba. In kuwa an ce sai kaya sun sauka daga kamfani, ba a san ranar ba, ni gyaran takarda nake zaɓa, musamman a lokacin da farashi ke tashi, don ranar da cikon zai zo sai a fara gardamar ko da tsohon kuɗi ne ko da sabo.

Takardar gyaran idan ta zo, kada ka jefa ta aljihun tebur. Ka duba adadin, ka duba harajin ya ragu tare da shi, ka duba lambar tsohon inbois tana jiki, sannan ka maƙala ta da webil da shaidar biyan kuɗi wuri ɗaya. A ƙarshen wata nakan roƙi akantan dila ya turo mini lissafina kamar yadda yake a littafinsu, in ɗora shi kusa da nawa in bi layi layi. Da na san wannan tun farko, da bashin naira 90,000 ɗin nan ya fito fili tun makon farko, lokacin da yaron da ya ce in cire yana nan a bakin aikinsa.