Yadda na fitar da zurfin ruwa a wata magudana mai jinginannun bango a Kano

Aikin da aka ba ni shi ne in faɗi tsayin da ya kamata a yi wa bangon wata magudanar ruwa ta kankare a ɗaya daga cikin unguwannin birnin Kano da ruwa ke kwanciya a cikinsu duk watan Agusta. Magudanar irin wadda ƙasanta ke a shimfiɗe ce, bangonta biyu kuma suna jingine baya, ta yadda bakinta ya fi gindinta faɗi. Kafin a yi maganar tsayin bango sai an san zurfin da ruwa zai tsaya a kai idan ya yi doguwar tafiya ba tare da siffar magudanar ko gangararta ta sauya ba. A irin wannan tafiya, ƙarfin da gangara ke jan ruwa da shi yakan yi daidai da turjiyar da bango da ƙasa ke yi masa, sai gudunsa ya daina ƙaruwa ko raguwa, zurfinsa ya zama ɗaya daga wannan wuri zuwa wancan. Wannan shi ne zurfin daidaito, kuma shi nake nema.

Ruwan da aka ƙiyasta zai bi ta wurin a lokacin mamako kubik mita 4 ne a kowane sakan. Faɗin ƙasan magudanar mita 1.5 ne, kuma kowane bango yana ja da baya mita 1 a duk hawan mita 1. Awon da muka yi da na'urar lebul ya nuna ƙasar tana sauka santimita 10 a kowace mita 100, wato gangarar 0.001. Ga kaushin kankare na ɗauki 0.015, wanda shi ne adadin da aka saba ba kankaren da ba a goge shi sumul ba. Na yi aiki da ƙa'idar da injiniyan nan na ƙasar Ayalan, Robert Manning, ya gabatar a 1889:

```
Q = (1/n) × A × R^(2/3) × √S
A = (b + z·y) × y
P = b + 2y × √(1 + z²)
R = A / P
```

A nan `Q` shi ne yawan ruwan da ke wucewa a sakan, `n` kaushi, `S` gangara, `y` zurfin ruwa, `b` faɗin ƙasa, `z` jinginar bango, `A` girman filin da ruwa ya cika idan aka yanka magudanar a tsaye, `P` kuma tsawon ƙasa da bangon da ruwa ke taɓawa. A wajen `P` ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin sukan ƙirga tsayin ruwan a miƙe, alhali ruwan yana kwance ne a jikin bangon da ke jingine, wanda ya fi tsayin ruwan tsawo. Saman ruwan da ke fuskantar iska kuwa ba ya shiga lissafin `P` ko kaɗan.

Wahalar ita ce `y` yana cikin `A`, yana kuma cikin `P`, don haka babu yadda za a ware shi gefe guda a fitar da shi kai tsaye, sai dai a yi ta gwadawa. Na tattara abubuwan da na sani a gefe ɗaya, wato `Q × n / √S`, suka ba ni 1.897, aikin ya koma neman zurfin da zai sa `A × R^(2/3)` ya kai wannan adadi. Da na gwada mita 1.0, `A` ya zama 2.50, `P` ya zama 4.33, sakamakon ya fito 1.734, wanda bai kai ba. Da na gwada mita 1.1 sai ya fito 2.080, ya zarce. Tunda adadin yana ƙaruwa ne kullum idan zurfi ya ƙaru, amsar ɗaya ce tak, kuma tana tsakanin waɗannan biyun, kusa da tsakiya. A mita 1.05 na sami `A` 2.68, `P` 4.47, `R` 0.599, sakamakon kuma 1.903. Nan na tsaya, domin abin da ya rage bai kai rabin santimita ba, kuma babu maginin da zai iya zuba kankare da irin wannan daidaito. Mai kwamfuta zai iya barin `Goal Seek` na `Excel` ya yi masa gwajin, amma na fi son a fara yi da hannu, saboda a nan ne mutum ke ganin yadda adadin ke motsi.

Gudun ruwan a wannan zurfi ya kai kusan mita 1.5 a sakan, wanda ya isa ya tafi da yashi mai laushi. Da na ƙara santimita 30 na rara a sama, bangon ya zama mita 1.35. Wani dattijon magini da ya daɗe yana aikin lambatu a cikin gari ya dubi zanen, ya ce: "Injiniya, wannan lissafin na ranar da aka gama ginin ne, ko na bayan damina biyu?" Na ce masa: "Baba, bari in sake dubawa." Tambayarsa tana kan hanya, domin duk wanda ya leƙa magudanan Kano kafin a yashe su ya san abin da ke kwance a ciki: yashi, leda, robobin ruwa, da ciyawar da ta tsiro a tsagar kankare.

Na sake lissafin da kaushin 0.025, wanda ya fi kusa da na magudanar da ƙasanta ya koma laka da tarkace. Adadin da ake nema ya tashi daga 1.897 zuwa 3.162, zurfin da ya dace da shi kuma ya zama kusan mita 1.36. Ma'ana, rarar da na bari ta tafi gaba ɗaya, ruwan ya tsallake bakin bango, ba tare da an sami ƙarin ruwan sama ko ɗigo ɗaya ba, kuma wannan lissafi bai ma cire wurin da yashin da kansa ya cinye a ƙasa ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, faɗi da gangara ana auna su da tef da na'ura, amma kaushi zaɓarsa ake yi, kuma kuskuren zaɓin yana shiga yawan ruwan kai tsaye. Gangara ta fi sauƙin yafiya, domin sai ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu kafin ruwan da magudana ke ɗauka ya ragu da rabi. Tun daga lokacin nake fitar da zurfi biyu, na magudana mai tsabta don duba gudu, da na wadda ta yi datti don yanke tsayin bango.

Akwai kuma iyakar da lissafin kansa yake da ita. Na duba adadin Froude, wato `V / √(g × A/T)`, inda `V` yake gudun ruwa, `g` ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi, `T` kuma faɗin saman ruwa, mita 3.6 a nan, ya fito 0.55. Duk lokacin da bai kai 1 ba, abin da ke gaba ne ke juya ruwan da ke baya, don haka ƙaramin kwalbati ko gadar shiga gida da ta matse hanya za su iya tokare ruwan, ya kumbura ya koma baya tsawon ɗaruruwan mitoci a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu. Hanyar ganewa ita ce a bi magudanar bayan an ɗauke ruwa a auna tabon da ya bari a bango. Idan tsayin tabon daga ƙasa ɗaya ne a wurare da dama, ruwan yana tafiya a zurfin daidaito. Idan kuwa yana ƙaruwa yayin da ake kusantar kwalbati, to kwalbatin ne ke yanke zurfin. A tamu magudanar akwai kwalbati a ƙarshe, don haka na ba da shawarar a kai bangon mita 1.65, wato zurfin magudanar da ta yi datti da rarar kusan santimita 30, a kuma yi wa kwalbatin nasa lissafin daban kafin a zuba kankare.