Ranar da darakta ya ce ba zai zauna da mu ba

Shekara tara na yi ina riƙe da littafin kaya a rumbun wani kamfanin dillancin kayan masarufi a Garwa, shinkafa da sukari da man girki da sabulu. Mu arba'in da shida ne, har da direbobi da masu lodi da masu gadi. A watan Maris na 2023 gwamnatin Kamaru ta ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 60,000 ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu waɗanda ba na noma ba, amma wata huɗu suka shige takardar albashin masu lodinmu ba ta motsa ba. Wata safiya ta Litinin suka ajiye kaya suka zauna ƙarƙashin dalbejiyar bakin ƙofa, muka bi su. Kamiyo uku suka kwana da kaya a kai. Kafin Laraba an miƙa wa mutum biyu, waɗanda suka fi ɗaga murya, takardar kora bisa babban laifi, babu kuɗin wa'adi, babu kuɗin sallama.

Na ɗauki takardun biyu na kai wa sakataren sandikarmu na yanki, wato ƙungiyar ƙwadagonmu, ina tafasa, ina jiran ya ce kamfani ya taka doka. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Ƙanena, ku kuka fara taka ta." Ya buɗe dokar ƙwadago, wadda aka sa wa hannu ran 14 ga Agusta 1992, ya ɗora yatsa a kan sashe na 157. Yajin aiki halal ne, amma sai an bi sulhu a gaban sufeton ƙwadago, an bi kwamitin raba gardama, duka biyun sun ci tura. Sashe na 165 kuma ya ce wanda ya tsallake wannan hanya ana iya korarsa bisa babban laifi, har da tara daga sefa 20,000 zuwa 100,000. Gaskiya tana hannunmu game da kuɗin, amma mu da kanmu muka ba darakta sandar da ya doke mu da ita. Har yau abin yana ci mini rai, domin ɗaya daga cikin korarrun matarsa na da tsohon ciki a lokacin.

A zaɓen da ya biyo baya aka zaɓe ni delege, wato wakilin ma'aikata. Duk inda ma'aikata suka kai ashirin dole a yi wannan zaɓe, wa'adin shekara biyu ne, kuma doka ta ba delege awa 15 a wata cikin lokacin aiki don ya bi koken mutane. Abin da ya fi ba ni ƙarfin gwiwa shi ne sashe na 130: ba a korar delege sai da izinin sufeto. Wannan kariya ba ta rufe sauran abokan aiki ba, shi ya sa muka yanke cewa duk wata takarda mai zafi sunan delege ne zai hau kanta, ba na mai lodi ba.

Aikin farko da sakataren ya sa ni shi ne in raba kokenmu gida biyu, kuma a nan ne idona ya buɗe. Akwai abin da kake bi bashi, akwai abin da kake nema. Mu a da mun cakuɗa su wuri guda muna kiran su duka "ƙarin albashi", darakta kuwa yana amsawa da cewa kasuwa ba ta da kyau. To amma mafi ƙarancin albashi bashi ne, ba a cinikinsa. Haka rukunin da aka ajiye mutum a cikin yarjejeniyar gama-gari ta 'yan kasuwa, wadda ƙungiyoyin ma'aikata da na masu kamfanoni suka sa wa hannu a matakin ƙasa, tana raba ayyuka rukuni-rukuni, kowane da ƙaramin albashinsa. Haka ladan daɗewa a aiki: kashi 4 cikin ɗari bayan shekara biyu, sannan kashi 2 a kan kowace shekara da ta ƙaru, ana lissafa shi a kan ƙaramin albashin rukunin mutum.

Na zauna da wani dattijon direba, muka baje takardun albashinsa a kan buhun shinkafa. Ya cika shekara shida, ƙaramin albashin rukuninsa sefa 70,000. Kashi 4 na shekara biyun farko, a ƙara kashi 2 sau huɗu, ya zama kashi 12, wato sefa 8,400 kowane wata, 100,800 a shekara. Layin ladan daɗewa babu shi ma a takardarsa. Ya daɗe yana kallon lissafin, sannan ya ce, "Ɗana, ashe kuɗin makarantar yarinyata ne ke kwana a aljihun wani." Na gaya masa abin da ni ma aka gaya mini, cewa bashin albashi yana mutuwa bayan shekara uku idan ba a neme shi ba, don haka kowane wata da muka yi shiru, wani wata ne ke faɗuwa ta baya. Kuɗin mota da muke so a riƙa ba mu kuwa, wannan nema ne, sabon abu ne, sai an zauna an yi ciniki.

Darakta ya ƙi zama. Bai taɓa cewa a'a a rubuce ba, ya fi haka wayo. Yau yana Duwala, gobe akawu ba ya nan, jibi ya ce shi da 'ya'yansa yake magana, ba da sandika ba. Ƙin da aka yi da baki ba ya barin sawu, sai mu muka sa masa sawu. Muka rubuta wasiƙa ta farko, kwafi biyu, na kai ofis, na tsaya har sakatariya ta buga hatimi da kwanan wata a kan kwafinmu. Bayan kwana goma muka rubuta ta biyu, tana ambaton ta farko. Sakatariyar ta ce an hana ta karɓa, sai muka aika ta gidan waya da rajista, muka adana rasit. Kowane koke kuma muka shigar da shi littafin koken delege da ranarsa, gefen amsa yana nan fari fat. Wata biyu muka yi a haka, wasu suna cewa na zama malamin takarda, an saye ni. Ban ji daɗi ba, amma ban fasa ba.

Wani abu game da shiga sandika da na koya a wannan tsakani. Doka ta yarda kamfani ya cire kuɗin ƙungiya daga albashi ya miƙa mata, in ma'aikaci ya sa hannu ya amince. Yana da sauƙi, sai dai ranar da ka yi haka ka ba darakta jerin sunayen mutanenka. Sashe na 4 ya hana a cuci mutum don yana sandika, amma wanda aka mayar dakon dare ba tare da an faɗi dalili ba zai sha wuya kafin ya tabbatar da hakan. Muka zaɓi biya hannu da hannu, ma'aji yana ba da rasit bayan sallar Juma'a. Sai da muka kai talatin da ɗaya cikin arba'in da huɗu muka bari aka san yawanmu.

Da takardun suka taru, muka kai wa sufeton ƙwadago sanarwar rikicin gama-gari. Kalmar nan tana da nauyi. In ka je kai kaɗai da kokenka, rikicin mutum ɗaya ne, hanyarsa daban, tana ƙarewa a kotu. In taron ma'aikata ne da buƙata ta kowa, sashe na 158 ya ce sufeto ya kira ɓangarorin biyu ba tare da jinkiri ba. Kiran farko darakta bai zo ba, bai aiko kowa ba. Sufeto ya sake kira, domin doka ta ce kira na biyu kada ya wuce kwana biyu, kuma wanda ya ƙi zuwa yana iya fuskantar tara daga sefa 50,000 zuwa 500,000. Ranar ta biyu sai ga shi da lauya. Mutumin da ya yi wata biyu ba shi da minti goma dominmu ya zauna awa uku a kujerar katako yana fuskantarmu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba mu zo neman alfarma a kan waɗannan biyun ba," na miƙa lissafin mutum goma sha bakwai, kowa da takardar albashinsa a liƙe. Lauyan ya duba, ya raɗa masa magana. A nan take suka amince da mafi ƙarancin albashi da ladan daɗewa, bashin baya kuma a raba shi gida huɗu a biya. Sufeto ya rubuta takardar zama, ta nuna inda aka daidaita da inda aka saɓa, kowa ya sa hannu. Na dage sai an rubuta ranakun biya da adadi, ba "nan gaba kaɗan" ba, domin abin da aka daidaita a kai a gaban sufeto ya zama wajibi, ana iya tilasta shi, amma ba a tilasta alkawarin da ba shi da rana.

Kuɗin mota ya ƙi. A nan ne iyakar dokar take, kuma gara mutum ya san ta tun da wuri: tana iya jawo mai kamfani zuwa tebur, ba ta iya kama hannunsa ya sa hannu a kan sabon abu. Sufeto ya tura saɓanin, cikin kwana takwas kamar yadda sashe na 160 ya tanada, zuwa kwamitin raba gardama na kotun ɗaukaka ƙara ta Garwa, inda alƙali ke zama da mutum ɗaya daga ɓangaren masu kamfanoni, ɗaya daga na ma'aikata. Kwamitin ya yanke mana wani abu. Hukuncin yana zama dole in kwana takwas suka cika ba wanda ya ƙi shi a rubuce. A rana ta shida kamfani ya ƙi.

Yanzu hanya ta ƙare, yajin aiki ya halatta. Muka taru a farfajiyar wani gida a unguwa bayan la'asar, aka ɗaga hannu, muka rubuta wa darakta da sufeto ranar da za mu ajiye aiki, sati biyu kafin azumi, lokacin da sukari ke fita kamiyo-kamiyo. Ba mu kai ga ranar ba. Saura kwana uku ya kira delege, muka sa hannu a kan yarjejeniyar cikin gida, sefa 7,500 a wata kuɗin mota, rabin abin da muka nema. Wasu sun ce mun yi saurin karɓa. Ni na san mutane nawa ne a cikinmu ke da abincin da zai kai su sati guda babu albashi, kuma asusun sandikarmu bai kai ya ciyar da gida goma ba.

A zaman ƙarshe na roƙi a mayar da mutum biyun nan. Lauyan ya ce maganarsu ba ta cikin abin da aka kai wa sufeto, kuma korar ta bi doka. Ɗayan ya koma Marwa wajen danginsa. Ɗayan yana haya da babur a bakin babbar kasuwa, in ya gan ni da kaya yakan tsaya ya ɗauke ni, kuma bai taɓa yarda ya karɓi kuɗina ba.