Ka Faɗi Kuɗin Ƙarin Aiki Kafin Ka Fara Shi

Ƙannena masu karɓar jinga, abin da ya fi cinye mini riba a farkon sana'ata shi ne jin nauyin gaya wa mai aiki cewa abin da ya ƙaro yana da nasa kuɗin. Ƙarin ba ya zuwa da sunansa, yakan zo ne da tattausan lafazi irin su "ɗan taɓa mini nan" ko "tunda kana kai, haɗa da wannan".

Na taɓa yin jinga da wani a kan gina masa dandalin intanet mai shafi 5, na ƙiyasta zai ci awa 40, na yanka kuɗi a kan haka. Ana tsakiyar aiki ya nemi fom ɗin rajista, daga baya ya ce a sa hanyar biyan kuɗi, duk na amsa da "to". Waɗannan biyun sun ci awa 20, wato na yi aikin awa 60 a kan ladan 40, ladan kowace awa ya ragu da kashi ɗaya bisa uku, ga shi ranar miƙa aiki ta wuce, laifin jinkirin kuma ya dawo kaina. Da na ta da maganar ciko a ƙarshe, sai ya ce da na faɗa tun farko da ya haƙura da ɗaya daga ciki. Gaskiyarsa ce, domin shiruna ya hana shi damar zaɓi.

Lokacin magana shi ne sa'ar da buƙatar ta iso. Ka duba abin da kuka rubuta, domin idan abin yana ciki, ko kuwa kuskurenka ne ake so ka gyara, to ba ka da haƙƙin neman ko sisi. Idan ba ya ciki, ka amsa a rubuce kamar haka: "Ranka ya daɗe, zan iya yi, sai dai ba ya cikin yarjejeniyarmu. Zai ci awa 8, kuɗinsa kaza, kuma zai ɗage ranar kammalawa da kwana 2. Idan ka amince, zan fara." Daga nan kada ka taɓa shi sai amincewar ta zo a rubuce, ko da ta gajeren saƙon waya ce.

Wani zai ce ba shi da halin ƙarawa, kuma sau da yawa da gaske yake. Sai ka ba shi zaɓi, ko a cire wani abu mai nauyi daidai da sabon daga tsohon jeri, ko a ajiye sabon zuwa zagaye na biyu. Idan kuma ƙaramin abu ne da ka ga dama ka yi kyauta, ka rubuta shi a takardar neman biya tare da kuɗinsa, ka nuna cewa ka yafe a wannan karon, don kada gobe a ɗauka yana cikin jinga.